Bashi Dabam, Cin Amana Dabam

Ya ku malamai da 'yan kasuwa, akwai rikici iri biyu masu kama da juna, amma ƙofar shari'arsu ba ɗaya ba ce.

Ga misali. Manomi a Gezawa ya sayar wa falke buhu 20 na gyaɗa bashi, zuwa wata biyu. Ajali ya cika, falke bai biya ba. Wannan haƙƙi ne tsakanin mutum da mutum, domin gyaɗar ta zama ta falke tun ranar ciniki. Manomi shi zai kai ƙara, a aika wa falke sammaci. Alƙali ya nemi mai da'awa ya kawo shaidu biyu adilai, ko shaida ɗaya tare da rantsuwarsa, yadda mazhabar Maliku ta yarda a sha'anin dukiya. In ya rasa, falke ya rantse. Hukuncin kuwa biya ne. Matalauci a yi masa jinkiri, mawadaci mai taurin bashi a tilasta shi. In manomi ya yafe, magana ta ƙare.

To, a ce buhu 20 ɗin nan dillali aka damƙa wa ya sayar ya kawo kuɗi, sai ya sayar ya cinye da gangan. Nan gyaɗa ba ta taɓa fita daga mulkin manomi ba. Wannan cin amana ne, laifi a sashe na 311 na dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960, sashe na 315 kuma ya yanka wa dillali irinsa ɗauri har shekara goma sha huɗu, tare da tara. Galibi hukuma ke gurfanar da shi, manomi ya zama shaida. Ba a hukunta shi sai hujja ta kawar da kokwanto, alhali a shari'ar bashi dokar shaida ta 2011 rinjayen hujja kawai ta nema. Malamanmu ma sun san wannan: shaida ɗaya da rantsuwa suna tabbatar da dukiyar da aka sace, amma ba su tabbatar da haddi.

Abin da muke ƙi shi ne mai bin bashi ya ruga caji ofis don a tsorata abokin cinikinsa. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum don saɓa alkawarin ciniki kawai, kuma wanda aka tsare haka yana iya neman diyya daga wanda ya sa aka kama shi. Sai a je neman kiba a samo rama.

Saboda haka ranar ba da kaya a rubuta a gaban shaidu: sayarwa ce ko amana, buhu nawa, ajali yaushe. Wannan takarda ita za ta nuna ƙofar da za a bi.

Allah Ya sa mu dace.