Janye koke daban, yafe haƙƙi daban

Ƙanena ya yi shekara huɗu yana tuƙa motar wani kamfanin raba kaya. A watan Janairu suka sallame shi, yana bin su albashin wata bakwai, naira dubu 45 kowane wata, jimilla dubu 315. Ya yi ta zarya har takalminsa ya suɗe, ba wanda ya dube shi. A watan Maris ya kai koke ofishin Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, aka buɗe masa fayil, aka aika wa kamfanin takarda. Nan take mutanen da a da ba sa ɗaga wayarsa suka soma nemansa ruwa a jallo.

Ba ofis suka kira shi ba, gida suka zo a watan Mayu. Manajan ya biyo ta hannun kawunmu, aka shimfiɗa tabarma a zaure bayan La'asar, aka ajiye ambulan mai ɗauke da dubu 100, aka ce sauran dubu 215 za su fito ƙarshen Yuli. Sai manajan ya zaro takarda daga aljihun gaban riga, an riga an buga ta da Turanci, an bar gurbin sa hannu kawai. Kawu ya ce, "Kai yaro, da babu gara ba daɗi. Mutanen nan sun zo har gida, ka sa hannu a wuce wurin." Ƙanena ya sa hannu. Da dare ya kawo mini hoton takardar a wayarsa, ya ce, "Yaya, duba mini abin da na sa wa hannu." Ina karantawa raina ya ɓaci, kuma har yau bai huce ba.

Jimla uku ce a takardar. Ta farko ta ce ya janye kokensa. Wannan ce kaɗai aka faɗa masa a zaure. Ta biyu ta ce abin da ya rubuta a koken rashin fahimta ne. Ta uku ta ce ya karɓi dubu 100 a matsayin cikakken biya na ƙarshe, ba ya bin kamfanin ko kwabo, kuma ba zai sake ta da maganar a ko'ina ba. Dubu 215 ɗin da aka yi alkawari a gaban dattijai kuwa, ko inuwarsu babu a cikin takardar.

Wanda ya rubuta wannan takarda ya san abin da yake yi. Ya san cewa janye koke abu ne guda, yafe bashi kuma wani abu ne dabam, sai ya ɗinke su wuri ɗaya, ya miƙa wa direban da ya yi wata bakwai ba albashi, a gaban kawunsa, inda kunya ba za ta bar shi ya ce a dakata ba. Wannan ba sulhu ba ne, cuta ce. Idan mutum ya janye koke, abin da ya ce wa hukuma shi ne ta dakatar da binciken da ya roƙa. Bashin yana nan daram, domin ba koken ne ya haifar da shi ba, gumin wata bakwai ne. Amma idan ya rubuta cewa ba ya bin kowa komai, to bashin kansa ya yanka. Jimla ta biyun nan ma ta fi muni, ko da yake ita ce ta fi kama da ladabi. Wanda ya sa hannu cewa kokensa rashin fahimta ne ya ƙaryata kansa da alƙalaminsa. Duk inda ya je gobe, da ita za a tare shi: ga abin da ka rubuta a watan Maris, ga abin da ka rubuta a watan Mayu, wanne ne gaskiya? Idan kuwa wurin 'yan sanda aka kai ƙarar, aka sa mutum ya rubuta cewa abin da ya faɗa bai faru ba, ya daɓa wa cikinsa wuƙa, don ba wa ma'aikacin gwamnati bayanin ƙarya laifi ne a ƙarƙashin dokar Final Kod da jihohin Arewa ke aiki da ita.

Ba ina cewa kada a yi sulhu ba. Ni ma da ina zauren nan, da na ce ya karɓi dubu 100 ɗin, domin akwai yara a gida kuma mai haya ba ya jiran hukuma. Abin da zan hana shi shi ne sa hannu a takardar da wanda yake ƙara ya rubuto. Takardar janye koke ta mai koke ce, shi zai rubuta ta, da kalmominsa, ya kai wa hukumar da kansa. Ga abin da ya kamata ƙanena ya rubuta, bayan ya sa kwanan wata da lambar fayil ɗinsa a sama:

"Ina sanar da hukuma cewa na janye kokena a halin yanzu, saboda kamfanin ya biya ni naira dubu 100 daga cikin dubu 315 da nake bin sa, ya kuma yi alkawarin biyan sauran dubu 215 kafin 31 ga Yuli. Ina nan a kan duk abin da na faɗa a kokena. Wannan janyewa ba yafewa ba ce, ba ta tauye wani haƙƙi nawa ba. Idan ba a cika alkawarin ba, ina da damar dawowa gaban hukuma ko zuwa kotu."

Layi biyar ne ko shida, amma kowanne da aikinsa. "A halin yanzu" ya bar ƙofa a buɗe. Ambaton dubu 100 daga cikin dubu 315 ya nuna kuɗin da aka karɓa somin taɓi ne, ba ƙarshen zance ba. "Ina nan a kan abin da na faɗa" ya toshe bakin mai cewa ya yi ƙarya. Sai ya yi kwafi biyu, ya kai ofis, a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a kan nasa kwafin, ya adana. Takardar da ba ta da hatimi, gobe ana iya cewa ba a taɓa ganin ta ba. Sa'annan ya nemi kamfanin ma ya rubuta nasa alkawarin, manaja ya sa hannu, kawu ya sa hannu a matsayin shaida. A nan ake gane mai niyyar biya. Wanda zai biya ba ya gudun rubuta ranar da zai biya. Wanda ya ce "ai mu duka Musulmi ne, ba sai an rubuta ba", a tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Abin da ya fi komai ma shi ne kada a janye tukuna. A rubuta wa hukuma cewa ana tattaunawar sulhu, a roƙe ta ta jingine fayil ɗin zuwa ranar da aka sa. In kuɗi sun shigo, a janye. Fayil ɗin nan da ke buɗe shi ne kaɗai abin da ya kawo manaja zaurenmu, shi ya sa suka matsa a rufe shi kafin su cika biya.

Amma kada wani ya ɗauka kyawawan kalmomi suna tsayar da agogo. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, dokarta ta hana ta duba koken da aka kawo bayan wata 12 da faruwar abin. An sallami ƙanena a Janairu, ya janye a Mayu. Yuli ya zo aka ce Satumba, Satumba ya zo aka ce oga ya yi tafiya. Kowane "ka dawo wata mai zuwa" yana cin wa'adinsa ne, kuma masu ja masa rai sun fi shi sanin haka. Duk wanda ya janye koke bisa alkawari, ya rubuta ranar da wa'adinsa zai cika a wurin da idonsa zai riƙa gani, kada ya dogara cewa za a lissafa masa daga ranar kokensa na farko. Ranar da aka saɓa alkawarin farko, washegari ya koma.

Akwai kuma wurin da kalmomin nan ba za su cece ka ba ko ka tsara su yaya. Idan magana ta kai gaban kotu a matsayin shari'ar laifi, janyewa tana da wani nauyi dabam. Sashe na 355 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya ce idan kotu ta amince mai ƙara ya janye ƙararsa, sai ta wanke wanda ake tuhuma. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya hana a sake gurfanar da wanda aka wanke a kan laifin nan dai. Jihohi suna da nasu dokokin, shi ya sa kafin mutum ya buɗe baki a gaban alƙali ya ce ya janye, ya tambayi lauya abin da zai biyo baya a wannan kotun. In sulhu ake yi, a nemi ɗage zama har a cika alkawari. Ko a shari'ar neman haƙƙi, a saurari kalmar da alƙali ya furta: cire ƙara daga jerin shari'u yakan bar damar sake shigar da ita, korar ta kuwa yakan rufe ƙofa.

Mun kai takardar ƙanena wurin wani lauya. Ya ce ba a rasa abin kamawa ba, tunda ba a fassara masa ita ba kafin ya sa hannu, kuma akwai shaidun da suka ji alkawarin da kunnensu. Ana iya zuwa Kotun Ma'aikata. Amma ya gaya mana gaskiya cewa yanzu sai an fara yaƙi da takardar kafin a kai ga bashin, kuma ɗawainiyar na iya lashe abin da ake nema. Maganar da layi shida za su tsare ta koma shari'ar da talaka ba ya iya ɗauka.

Haushina bai tsaya kan manajan ba. Ya kai ga iyayenmu masu shiga tsakani, kuma na faɗa wa Kawu haka cikin ladabi. Girman da ake ba ku shi ake ara a rufe bakin yaro. Idan za ku zauna a matsayin masu sulhu, to amana ce a wuyanku: ku sa a karanta takarda da Hausa, layi bayan layi, kowa na ji, ku tambaya ina aka rubuta sauran kuɗin, ku ba yaron kwana ɗaya ya nuna wa wanda ya iya karatu. In wanda ya kawo takardar ya ce sai yau, sai yanzu, ku naɗe tabarma ku sallame shi.

Ƙanena yanzu Keke Napep yake ja na haya. Dubu 215 ɗinsa suna hannun kamfanin har yau.