Daga dalar gyaɗa zuwa tarkon bashi: Yadda dogaro da haja guda ya buɗe wa sojoji ƙofa

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawan mulkin mallaka suka ɗora tattalin arzikin Arewa a kan gyaɗa. Manomin Bebeji ko Ƙiru ba shi da hanyar biyan haraji da tsabar kuɗi sai ya noma abin da kamfanonin Turai ke saye.

Muhimmin abin da aka gada shi ne hukumar cinikin amfanin gona, wadda ta koma hannun gwamnatin Jihar Arewa a 1954. Ita ke yanke farashi a farkon kaka, ta saya ta hannun dillalai masu lasisi, sannan ta sayar a waje da tsada. An ce za a adana rarar domin tallafa wa manomi idan kasuwa ta faɗi, amma sai ta zama asusun ayyukan gwamnati. Ke nan duk wanda ya riƙe mulki, shi ya riƙe taskar ƙasa, kuma rashin nasara a zaɓe ya zama rashin komai.

Raunin tsarin ya bayyana a farin 1972 zuwa 1974, sannan cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa dalolin Kano. Madatsar ruwan Tiga da gwamnatin Audu Baƙo ta gina a ƙasar Bebeji ta kawo noman rani, amma ba ta dawo da cinikin waje ba. A Nijar, wadda ta dogara da gyaɗar Maraɗi da Damagaram, yunwa ta raunana Diori Hamani har Seyni Kountché ya kifar da shi ranar 15 ga Afrilun 1974.

Najeriya kuwa sauya haja kawai ta yi, fetur ya maye gurbin gyaɗa. A 1978 gwamnati ta ciwo bashin dala biliyan 1 daga bankunan waje bisa zaton farashin mai zai ɗore. Da kasuwa ta karye bayan 1981, kuɗin shiga ya ragu, bashi kuwa bai ragu ba. Albashi ya gagara, kayan masarufi suka yi wuya, kuma da wannan hujja sojoji suka hamɓarar da Shehu Shagari ranar 31 ga Disambar 1983. Su ma ba su warware matsalar ba. Gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin cinikin a 1986 ƙarƙashin shirin SAP, ta bar manomi da kasuwa babu kariya.

Ba talauci kaɗai ke kawo juyin mulki ba; rikicin 1966 ya fi alaƙa da siyasar yanki da ɓarakar cikin soja. Sai dai gwamnatin da ke rayuwa da haja guda ba ta da iko da farashinta, kuma ba ta jin dole ta saurari mai biyan haraji. A yau manomin masara a Tudun Wada da Doguwa na sayen taki da farashin da darajar naira ke yanke masa, ita kuwa naira tana bin fetur da bashi. Muddin haka ta ɗore, ba a fita daga tsohon tarkon ba.