Ribar Ƙari Ce Alƙali, Ba Jimla Ba

A ce ɗan kasuwar Maiwurno, kusa da Sennar, yana tallar riɗi ta hanya biyu. Rediyo ya ci fam 100,000, ya jawo ribar 300,000. Mai shela ya ci 20,000, ya jawo 40,000. A jimlace rediyo ne gaba. Amma 10,000 na ƙarshe da aka zuba masa 5,000 kacal suka dawo da su, domin masu sauraro sun riga sun ji. Da mai shela aka bai wa, ya shiga sababbin ƙauyuka, da sun haifi 18,000. A ganina, can ya kamata kuɗin su riƙa komawa, kaɗan-kaɗan, har ribar ƙarin ta yi daidai a ɓangarorin biyu.