Samarin Nima, Ku Daina Cusa Kalmar Sirri a Cikin Sikirif

Ina da ja da samarinmu na Nima da Maamobi masu rubuta wa 'yan kasuwa ƙananan manhajoji. Da yawansu suna rubuta kalmar sirrin mai shago tsirara a cikin sikirif, ya riƙa buga ta duk lokacin da ya tashi aiki. Wai hakan ya fi sauƙi. Ni kuwa ganganci nake kiran wannan.

Mu ɗauki mai shago a kasuwar Nima da ke son a duba masa odar kaya a shafin dillalinsa duk bayan minti 15. Shiga 96 ke nan a rana. Shafi mai tsaro yana iya ɗaukar wannan a matsayin hari ya kulle asusun. In kuma yana turo lambar tabbatarwa ta waya, wa zai zauna yana karanta ta da ƙarfe ukun dare?

Alhali maganin layi biyu ne. Idan mutum ya shiga shafi, ana ba burauzarsa wata shaida mai suna kuki, da ita ake gane shi daga baya. A Playwright, mai shago ya shiga da hannunsa sau ɗaya, sai a adana shaidar:

```python
context.storage_state(path="state.json")
```

Daga nan kullum sikirif ya fara da ita:

```python
context = browser.new_context(storage_state="state.json")
```

Mai manhaja bai ma san kalmar sirrin ba, balle ta zube daga hannunsa.

Masu musu za su ce shaidar tana mutuwa. Gaskiya ne, kuma haka ya kamata. Alamar a fili take: ka nemi shafin oda, aka mayar da kai shafin shiga. To sikirif ya tsaya ya sanar da mai shago ya sake shiga, kada ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Sai dai faɗana ya fi zafi da waɗanda suka koyi dabarar suka yi sakaci da fayil ɗin. `state.json` mabuɗin shago ne. Wanda ya kwafe shi yana iya shiga ba kalmar sirri, ba lambar waya. Ta hanyar satar irin wannan shaida aka ƙwace tashar Linus Tech Tips ta YouTube a watan Maris na 2023. Amma sai ka ga yaro ya tura wa abokinsa fayil ɗin ta WhatsApp, ko ya ɗora shi a GitHub tare da sauran aikinsa.

Ku sa sunansa a `.gitignore`, ku kulle shi da `chmod 600 state.json`. In kun yi zargin ya fita, goge naku kwafin ba ya kashe na ɓarawo. Ku shiga shafin ku fitar da dukkan na'urori, ku sauya kalmar sirri. Ghana na da dokar kare bayanai tun 2012, kuma sunaye da lambobin abokan cinikin Alhaji amana ce a wuyanku.