Zare: Alhajin da katinsa ke biyan Firebase, a riƙa gaya masa abin da ya ci jiya

1/
Jama'a, masu haɗa wa 'yan kasuwa manhaja, da ku nake. Ra'ayina shi ne duk manhajar da ke ajiye bayanai a rumbun Google ko Amazon, bai kamata a miƙa ta ba sai an haɗa mata saƙon da zai riƙa zuwa wa MAI KUƊIN kullum safiya: jiya ka kashe kaza. Zan kawo lissafi daga gida, Bagudo. 🧵

2/
Da farko mu gane abin da ake biya. Zan yi magana kan Firestore, rumbun bayanan Firebase, don shi yawancinmu ɗalibai muka fara koya. Ba hayar wata-wata ake biya ba kamar shago. Mita ce irin ta wuta. Duk bayani ɗaya da wayar wani ta ɗauko daga rumbun, an ƙirga karatu ɗaya.

3/
Kullum ana ba ka karatu 50,000 da rubutu 20,000 kyauta. Abin da ya haura nan, in kana tsarin Blaze, kuɗi ne. Farashin ya danganta da inda ka ajiye rumbun, amma mu yi lissafi da senti 6 na dala kan kowane karatu 100,000. Ka ji kamar ba komai ko? To bari.

4/
Mu ce wani Alhaji mai sayen shanshera yana da yara 30 da ke auna masa a Lolo, Illo, Kaoje da Tsamiya. Ka haɗa masa manhaja: kowane yaro ya shigar da buhu nawa ya saya, a nawa, wa ake bi bashi. Kaka ta yi nisa, bayanai sun kai 4,000.

5/
Kai kuma don a nuna jimilla a shafin farko, ka sa manhajar ta ɗauko duka 4,000 ɗin ta tara. Haka da yawa ke yi, don ranar gwaji bayanai 20 ne kawai a ciki, komai na tafiya sumul.

Yaro 30, kowa ya buɗe sau 10 a rana, sau 4,000. Karatu miliyan 1.2 ke nan a yini.

6/
Cire na kyauta, saura 1,150,000. Wajen senti 69 a rana, kusan dala 21 a wata. In mun ɗauki dala a ₦1,500, dubu 31 da 'yan kai. Alhaji zai yi tsaki amma zai biya.

7/
Yanzu ga inda bakin iyaka ya shigo, kuma nan ne ainihin abin da ya sa na buɗe zaren.

Duk wanda ya san hanyar Tsamiya zuwa Segbana ya san halin netwok a can. Yanzu yana nan, an jima babu. Wani lokacin ma wayarka ta bar layin Najeriya ta kama na Benin kana tsaye wuri ɗaya.

8/
Firestore na da abin da ake kira onSnapshot. Waya ce ke kasa kunne ga rumbun, da an canza wani abu ta gani nan take. Daɗinsa shi ne bayan ɗaukar farko, abin da ya canza kaɗai ake cajin ka. Amma fa muddin ba a yanke ba.

9/
Ga ƙa'idar Google ɗin: in manhajar tana ajiye kwafi a cikin waya, kuma netwok ya ɗauke sama da minti 30, da ya dawo za a caje ka kamar ka sake ɗauko komai daga farko. In kuma ba ta ajiye kwafi, DUK yankewa da dawowa sabon caji ne.

10/
Manhajar Android tana zuwa da ajiyar kwafin a kunne. Wadda ake buɗewa a Chrome kuwa a kashe take zuwa, sai kai ka kunna da hannunka. Mu kuma ta Chrome muka fi haɗa wa mutane, don ba sai an sha wahalar Play Store ba. Kun ga inda matsalar take?

11/
Mu koma wa yaran Alhaji. Ranar kasuwa, wayar kowa ta yanke ta dawo sau 60. Babu wanda ya taɓa komai, waya na hannu a buɗe kawai.

30 sau 60 sau 4,000, karatu miliyan 7.2. Dala 4 da senti 29 a rana. In aka jera haka wata guda, wajen dala 129, kusan ₦193,000.

12/
Manhaja ɗaya, mutane iri ɗaya, daga dubu 31 zuwa dubu 193. Kai da ka gwada ta a Birnin Kebbi ko a hostel a Aliero ba za ka taɓa ganin haka ba, don netwok ɗinka bai yanke maka sau 60. Kuma bayanan ƙaruwa suke kullum, to lissafin ma hawa yake kullum.

13/
Kar wani ya ce ai mu ne ba mu iya ba. A 2018 wani kamfanin tara gudummawa a Colombia, Vaki, ya ci sama da dala 30,000 a Firebase cikin ƙasa da awa 72. Dalili? Duk wanda ya buɗe shafin sai an karanto dukkan bayanan biyan kuɗi don a nuna masa jimilla. Irin wannan kuskuren dai.

14/
Na san abin da za a ce min: "Ai akwai Budgets & alerts." E, akwai, kuma ku kunna. Amma ba ya tsayar da kashe kuɗi, sanarwa kawai yake yi. In ba ka canza ba, sai ka kai kashi 50, 90 da 100 na abin da ka ware zai turo imel.

15/
Imel ɗin kuma wa yake zuwa? Ga wanda ya buɗe asusun, wato ɗalibin da yanzu yana tsakiyar jarrabawa ko ya tafi bautar ƙasa. Alhajin da katinsa ke ciki bai san ana yi ba, sai farkon wata ya ji alat na cirewa. Daga nan sai a fara "yaron nan ya cuce ni." Zumunci ya lalace kan abin da saƙo ɗaya zai kare.

16/
Ga kuma canji. Da dala ake ƙirga abin, Alhaji kuma da naira da sefa yake lissafi. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen ₦460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura ₦1,500. Wanda ke biyan dala 20 bai ƙara komai ba, kuɗinsa ya ninka uku. Don haka saƙon ya zo da naira, a canjin ranar.

17/
To ya ake haɗawa? Ba wahala.

Shiga Billing export ka kunna tura lissafi zuwa BigQuery. Ka yi wannan tun ranar farko, don ba zai kwaso maka tsohon tarihi duka ba. Zai buɗe maka tebur mai suna da ya fara da gcp_billing_export_v1.

18/
Tambayar da za ta fito maka da na jiya:

```sql
SELECT service.description, SUM(cost)
FROM `DATASET.gcp_billing_export_v1_XXXX`
WHERE DATE(usage_start_time,'Africa/Lagos') =
 DATE_SUB(CURRENT_DATE('Africa/Lagos'), INTERVAL 1 DAY)
GROUP BY 1
```

A lura, cost bai cire rangwamen credits ba. In kana cin kyautar sabon asusu, lambar za ta fi abin da za a cira.

19/
Sai Cloud Scheduler ya riƙa tayar da ƙaramin Cloud Function sau ɗaya a rana, shi kuma ya tura saƙon. Telegram ya fi arha, amma in Alhaji ƙaramar waya yake riƙewa, a biya kuɗin tes kawai. Tes na shiga inda data ba ta shiga.

20/
Amma ga wani tarko. Lissafin kuɗin Google ba nan take yake fitowa ba, yakan yi jinkirin awanni, wani lokacin ya wuce kwana. Saƙon da ya dogara da kuɗi kaɗai zai iya ce maka "jiya ₦0" alhali wuta na ci.

21/
Shi ya sa nake cewa a sa adadin karatu a cikin saƙon. Wannan yana fitowa cikin 'yan mintuna a Cloud Monitoring, sunansa:

```
firestore.googleapis.com/document/read_count
```

Shi ne zai fara ihu kafin kuɗi su bayyana. Kana ma iya sa masa ƙararrawa daban, ta buga maka kai mai manhaja in ya haura abin da aka saba cikin awa ɗaya.

22/
Saƙon Alhaji kuwa kar ya wuce haka:

"Jiya: ₦1,035. Shekaranjiya: ₦980. Daga 1 ga wata: ₦11,400. In aka ci gaba haka, ƙarshen wata ₦31,000. Karatu jiya: miliyan 1.2."

Mutumin da ke riƙe lissafin buhu ɗari uku a ka ba ya buƙatar sanin menene Firestore kafin ya gane 1,035 ta koma 6,400.

23/
Wani abokina ya ce saƙon kullum gundura zai yi, bayan sati biyu ba mai karantawa, gara a turo sai in da matsala. Na yarda da rabin maganarsa. Dogon saƙo kam ba mai karantawa.

24/
Inda muka rabu: in saƙo sai da matsala yake zuwa, shiru na da ma'ana biyu. Ko lafiya lau, ko abin tura saƙon ne ya mutu. Ba ka da hanyar bambancewa. In kuwa kullum yake zuwa, ko ₦0 ne, ranar da bai zo ba Alhaji da kansa zai kira ka. Kuma sai ka saba ganin lambar yau da kullum kake gane ranar da ta kauce.

25/
Wasu kuma na haɗa abin da zai cire katin kai tsaye in an kai iyaka. Google ya bayyana yadda ake yi, ya kuma yi gargaɗi cewa yana kashe duk ayyukan, har ana iya rasa wasu abubuwan. Ga aikin makaranta, babu laifi. Ga littafin bashin mutum a tsakiyar kakar shinkafa, ni dai ba zan yi ba. Mai kuɗin ne ya kamata ya ce a kashe ko a bari.

26/
In saƙon ya nuna tsalle, gyaran ba shi da yawa. Ka ajiye jimilla a bayani guda da ake sabuntawa duk lokacin da aka shigar da sabon ciniki. Jerin kuma ka sa masa limit(50), ka kunna ajiyar kwafi a Chrome.

Ko da yankewa 60 ɗin nan, 30 sau 60 sau 50, karatu 90,000 ne. Abin biya bai kai senti 3 a rana ba.

27/
Abu na ƙarshe, lokacin turawa. Kason kyautar Firestore da tsakar daren California yake sabuntawa, wato ƙarfe 8 na safe agogonmu, ko 9 a lokacin sanyinsu. In ka ga lissafinka na "jiya" bai yi daidai da na Google ba, sau da yawa daga nan ne. Ni ƙarfe 10 nake sa wa Cloud Scheduler, `0 10 * * *`, yankin lokaci Africa/Lagos.