Hoton waya ba riba ba ne: kafin a sayar da keke a tafi Abuja tuƙin Bolt



Akwai wata magana da take ta yawo a majalisun matasanmu, kuma mun gaji da jin ta ba tare da an yi mata lissafi ba. Wani zai turo hoton fuskar wayarsa daga Abuja, an rubuta naira dubu sittin a rana ɗaya, shi ke nan sai hankalin yaro ya tashi. Ya fara raina Keke Napep ɗin da yake ja daga Roadblock zuwa babbar kasuwa, ya fara matsa wa mahaifinsa a sayar da fili ko shanu a haɗa masa kuɗin Corolla. Mu ba mu ce tuƙin Bolt ko Uber ko inDrive haramun ba ne, sana'a ce ta halal. Abin da muke faɗa shi ne wannan lambar da ake nunawa ba kuɗin direba ba ce, kuma mai turo ta ya san haka.

Bari mu ɗauki dubu sittin ɗin nan mu bi ta. Alƙaluman na misali ne, kowa ya cire namu ya sa farashin da ya tarar.

Kamfani ne ke fara cin rabonsa. A ce kashi 20 cikin ɗari, ko da yake Uber ya daɗe yana karɓar kashi 25 a ƙasar nan. Dubu goma sha biyu sun tafi, saura dubu 48. Ku lura, ana cire kamishon ne daga jimillar kuɗin fasinja, tun kafin a cire mai. Ko lita ta yi tsada ko ta yi araha, kason kamfani yana nan yadda yake.

Sai mai, kuma a nan ne mafi yawan yaranmu suke yaudarar kansu. Manhaja tana biyan tafiyar da fasinja yake cikin mota. Zuwa ɗauko shi, da dawowa daga inda aka sauke shi, da zagaye ana neman wurin da kira yake shigowa, duk daga tankin direba suke fita. Wanda ya ɗauki mutum daga Wuse zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ya yi tafiyar kusan kilomita arba'in. In bai sami wanda zai dawo da shi ba, zaɓi biyu gare shi: ya shiga layin direbobi ya yi ta jira, ko ya dawo ba kowa ya ƙona man wasu kilomita arba'in ɗin. Ga kuma inda yake kwana. Baƙon da ya zo daga Jalingo ba a Maitama zai sauka ba, Mararaba ce ko Nyanya ko Kubwa, kuma kullum sai ya shigo ya koma. To a ce a ranar ya yi kilomita 120 da fasinja, 80 ba kowa. Tsohuwar Corolla da na'urar sanyi a kunne, cikin cunkoso, a ce kilomita goma a lita ɗaya. Lita ashirin ke nan. A naira dubu kowace lita, dubu ashirin. Saura dubu 28.

Yawanci a nan direba yake tsayawa ya ce ya samu. Bai samu ba tukuna, domin mota tana cin kuɗi a kowace kilomita, sai dai ba ta karɓa a ranar. Mai yin kilomita 200 kullum zai cika kilomita dubu biyar cikin kwana 25, wato juyen baƙin mai duk wata, ba duk wata huɗu irin na ma'aikacin gwamnati ba. Taya tana cinyewa, birki yana cinyewa, ƙafar mota tana kwancewa, na'urar sanyi tana neman gas, kuma fasinjan Abuja in ya sha zafi zai rage wa direba taurari. In aka raba duk wannan aka ce naira talatin a kilomita, dubu shida ne a rana. Wanda bai ware su ba, ran da giya ta lalace zai kira gida a turo masa. Mun sha ganin wannan kiran. A ƙara data da wankin mota, dubu biyu. Saura dubu ashirin.

In motar ta wani ce, akwai balas na mako. A ce dubu sittin, a kwana shida na aiki dubu goma ke nan kowace rana. Abin da ya rage a hannun yaron da ya fito ƙarfe shida na safe ya koma takwas na dare shi ne dubu goma. A raba da awa goma sha huɗu, ɗari bakwai da 'yan kai a awa. A ciki zai ci abinci, a ciki zai biya wurin kwana a garin da haya ba ta da tausayi. Kuma wannan rana ce mai kyau, irin wadda ake ɗaukar hotonta. Ranar da mota ta wuni a gareji ba wanda yake turo hoto, amma mai mota yana jiran balas ɗinsa cif.

Wani zai ce ai shi ya sa muke so a saya masa tasa, ba balas. To kilomita 200 sau kwana shida sau mako hamsin, kilomita dubu sittin ne a shekara, a kan motar da dama tsohuwa aka sayo. Bayan shekara uku nawa za a taya ta? Wancan dubu goman da yake ganin ya tsira da shi, wani ɓangarensa motar ce yake ci kaɗan-kaɗan. Filin da aka sayar kuwa yana can yana ƙara daraja a hannun wanda ya saya.

Ba mu kaɗai muke wannan ƙorafi ba. Bayan Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kuma a watan Yuni na shekarar ƙungiyar direbobin manhaja ta AUATON ta tafi yajin aiki tana neman a ƙara kuɗin tafiya a rage kamisho. Zuwa Oktoba 2024 lita ta haura naira dubu a Abuja. Waɗanda suka daɗe a cikin sana'ar ne suka ajiye makulli suka ce lissafi ba ya fita.

Gaskiya ne akwai masu cin riba. Wanda motarsa ke da lafiya, ya san gari, ya san awannin da kira ke yawa, yana ƙin tafiyar da za ta jefa shi inda ba zai sami na dawowa ba, ko ya mayar da motar zuwa gas na CNG, lissafinsa daban ne. Amma shi ma da biro ya gane haka. Kuma keken Jalingo ba ta tsira daga wannan awon ba: ita ma a cire mata mai da gyara da tikitin ƙungiya da balas. Bambancin shi ne mai keke a gidan ubansa yake kwana, ba mai cire masa kashi ashirin.

Saboda haka, iyaye da yayye, duk wanda ya zo muku da hoton waya, ku ce a nemo muku littafi daga wanda ya turo. Ya cika tanki ranar Litinin da safe, ya rubuta lambar kilomita da ke jikin mota. Kwana goma sha huɗu a jere ya rubuta lokacin fita da na dawowa, da kowane mai da ya sha, da kowace naira da ya ba makaniki, har ranakun da bai fita ba. A ƙarshe ya sake cika tankin, ya cire komai, ya raba abin da ya rage da awannin da ya yi a waje. In ya kawo wannan, ku ajiye shi kusa da na keke na kwana goma sha huɗu, ku yanke shawara. In ya ce ba shi da lokacin rubutawa, kada a kira dillalin fili.