"Kana gwaji" ba ya nufin ba ka da haƙƙi

1/ Yayana daga Magarya ya samu aikin akawu a wani injin casar shinkafa a yankin Wurno. Aka ce gwajin wata 3 ne, babu takarda. A wata na 5 aka ce gobe kada ya dawo, wai "ai har yanzu kana gwaji". Ni dai na ce zalunci ne. Ga dalilina.

2/ Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta ware ɗan gwaji daban ba. Lebura ko akawu, daga ranar da ka fara, ma'aikaci ne kai.

3/ Sashe na 7: dole mai aiki ya ba ka rubutattun sharuɗɗan aiki cikin wata 3 da farawa. Yayana har ya bar wurin bai ga ko ɗaya ba.

4/ Sashe na 11: in aikinka bai wuce wata 3 ba, sanarwar kwana 1 ta isa a sallame ka. Ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 1 ne, kuma a rubuce. Ke nan Yaya yana bin su sanarwar mako guda ko kuɗinta, ga albashin kwanakin da ya yi.

5/ Gaskiya mai aiki yana da damar gwada mutum, ban musa ba. Amma gwajin da ba ranar ƙarewa, wayo ne kawai.

6/ Don Allah kafin ka fara, a rubuta maka ranar da gwajin zai ƙare da albashinka. Ka adana shaidar biya. In an danne ka, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a Sakkwato.